Ƙorafi ko takardar neman haƙƙi: wacce za a aika wa mai waldan da ya riƙe kuɗi?

A zangon Kumasi, idan wani ya riƙe wa mutum kuɗi ko ya bar masa aiki rabi da rabi, shawara biyu ce ke saurin fitowa. Masu zafin kai su ce a kai masa takardar lauya yau ɗin nan, masu sanyin hali su ce a ƙara yi masa magana, ai ɗan unguwa ne, gobe ma a masallaci za ku haɗu. Kowacce tana da ranarta. Abin da ke raba su shi ne wanda ake rubuta wa. Ƙorafin farko wanda ya saɓa maka kake rubuta wa, kana so ya gyara. Takardar neman haƙƙi kuwa sunansa ne a sama, amma ainihin mai karanta ta alƙali ne, wanda bai san ku ba, bai san abin da ke tsakanin gidajenku ba, kuma wataƙila sai bayan watanni zai gan ta a cikin fayil.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe, da alƙaluman da na sa don lissafi ya fito fili.

Wata Hajiya mai sayar da atamfa a kasuwar Kejetia tana ƙarasa gininta a Aboabo. Ranar 3 ga Fabrairu 2025 ta yi ciniki da wani mai walda, wanda kowa ke kira Masta, a kan sidi 18,000: get na ƙofar gida sidi 7,000, ƙarafan tagogi shida da ƙofofin ƙarfe biyu sidi 11,000. Ya ce ranar 3 ga Maris zai gama komai. A ranar cinikin ta tura masa 8,000 ta momo, wato tura kuɗi ta waya. Ranar 17 ga Fabrairu ya zo shago ya ce ƙarfe zai tashi, ta ƙirga masa 4,000 a hannu, babu rasit, sai yarinyar shagonta da ke tsaye. Ya kawo get ranar 20 ga Maris, ya kafa, aikin ya yi kyau. Daga nan sai "bayan salla", sai "yarona ba shi da lafiya", sai waya ta fara shiga ba a ɗauka.

Kuɗinta 12,000 sun shiga hannunsa, aikin 7,000 ya fito. Me za ta rubuta?

Abin da ƙorafin farko ke yi

A wannan matakin ni dai ba zan ba ta shawarar takardar neman haƙƙi ba, kuma ba don kunyar maƙwabtaka kaɗai ba. Akwai dalilai biyu na shari'a.

Na farko, ranar 3 ga Maris ta wuce tana kallo. Ta karɓi get bayan ranar, ta ce ba komai, ta amsa "to Allah ya kai mu" da aka ce bayan salla. A ƙa'idar kwangila da kotunan Gana ke bi, wanda ya yi ta ɗaga wa abokin cinikinsa ƙafa a kan lokaci ba zai wayi gari kawai ya ce ya soke ciniki saboda an makara ba. Sai ya sake yanka wa'adi mai ma'ana, ya sanar da shi, ya ce bayan wannan ranar ba zai ƙara jira ba. Idan Hajiya ta tsallake wannan, Masta zai tsaya gaban majistare ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙarafan suna nan na yanka, ita ta ce in bari sai bayan salla, kawai na ji ta ba wani aikin." Maganarsa kuma za ta yi nauyi.

Na biyu, sidi 4,000 ɗin nan da ba su da rasit. Mutumin da aka aika wa takarda mai zafi, abin da ya fara yi shi ne neman abin da zai musanta. Wanda aka yi wa magana da lalama kuwa yakan amsa ba tare da ya auna ba. Ƙorafi shi ne damar da Hajiya ke da ita ta sa ya yarda da bakinsa.

Saboda haka ranar 7 ga Afrilu sai ta aika masa saƙo ta WhatsApp, ba murya kaɗai ba, rubutu:

"Masta, barka da aiki. Na gode da get, ya yi kyau. Saura tagogi shida da ƙofofi biyu da muka ce 3 ga Maris. Ka san na ba ka 8,000 ta momo da 4,000 a shago, 12,000 ke nan. Don Allah ina so a gama kafin Litinin 28 ga Afrilu, masu fenti suna jira. Idan ranar ta wuce zan nemi wani ya ƙarasa, mu yi lissafi. Idan akwai matsala ka gaya mini."

Babu lambar doka a ciki, babu kotu, babu zagi. Ta yaba abin da ya yi daidai, ta faɗi abin da ya rage, ta ambaci kuɗin kamar abin da su biyun suka riga suka sani, ta ba shi mako uku, ta bar masa ƙofar bayani. Ya amsa da cewa, "Hajiya ki yi haƙuri, na san kuɗinki na hannuna 12,000, in sha Allahu kafin ranar zan kawo." Wannan amsar ta fi duk wata shaida da take da ita. Dokar hulɗa ta na'ura ta 2008 ta yarda a karɓi saƙon waya a matsayin shaida, don haka ta ɗauki hotonsa yadda lamba da rana za su fito, kuma kada ta goge asalin hirar daga wayar.

Ƙorafi yana iya zama a buɗe. Kana iya cewa "a duba mini", "me ya faru", "yaya za mu yi". Kana iya rashin sanin iyakar asararka tukuna. Kana iya yin sa da baki a gaban shaida, ko da yake rubutu ya fi. Kuma idan da kamfanin wuta ko ruwa ko banki kake, shi ne ma matakin da ake buƙatar ka fara: su ba ka lambar ƙorafi, idan ba su warware ba ka wuce PURC, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin wuta da ruwa, ko Babban Bankin Gana da lambar a hannu. Rigimar haya ita ma tana da ofishinta na kula da haya. A irin waɗannan wuraren tsalle kai tsaye zuwa takardar lauya sau da yawa ɓata kuɗi ne.

Ranar da wa'adi ya wuce

28 ga Afrilu ta zo ta wuce, babu ƙarfe, babu Masta. A nan ne tambayar ta sauya. Kafin ta sa alƙalami a takarda, dole Hajiya ta yanke abu guda a ranta: aikin take so ko kuɗin? Mutane da yawa suna rubuta takarda suna cewa "ka gama aikina ka kuma dawo mini da kuɗina", wanda ba ya yiwuwa gaba ɗaya, kuma yana nuna wa mai karatu cewa mai takardar bai san abin da yake nema ba. Idan har yanzu tana son shi ya ƙarasa, to takardar za ta ce ya gama zuwa rana kaza, in bai yi ba ciniki ya mutu, ga abin da zai biya. Idan ta gaji, takardar za ta ce cinikin ya ƙare tun da ya saɓa wa'adin 28 ga Afrilu, ga lissafi.

Hajiya ta gaji. Ta nemi masu walda biyu suka zo suka auna, ɗaya ya ce 13,500, ɗaya ya ce 14,200, kowanne ya rubuta mata a takarda da sunansa da rana. Wannan zuwan biyu ba ɓata lokaci ba ne. Doka tana son wanda aka cuta ya rage asararsa gwargwadon iko, ba ya ɗauko mafi tsada a gari ya ɗora wa wanda ya saɓa masa ba. Ta ɗauki mai 13,500.

Yanzu lissafi. Daga 12,000 da ta biya a cire get 7,000, saura 5,000 a hannun Masta ba tare da aiki ba. Ragowar aikin da za ta samu a 11,000 yanzu sai ta biya 13,500, ƙarin 2,500 ke nan da saɓawarsa ta jawo mata. Abin da za ta nema 7,500.

Ba 12,000 ba. A nan ne zuciya ke kai mutane ƙasa. Mai fushi yakan rubuta duk abin da ya taɓa bayarwa, ya ƙara kuɗin tasi da na ɓacin rai, ya zagaye adadin zuwa 20,000 don a tsorata. Ranar shari'a sai a miƙo masa takardarsa a ce, "Ba kai ka rubuta wannan ba? Get ɗin da ke ƙofar gidanka kyauta aka ba ka?" Daga nan duk abin da ya faɗa, har na gaskiyar, sai a riƙa kallonsa da shakka. Ƙorafi yana jure ɗan kuskure, domin ana iya gyara shi a hira ta gaba. Takardar neman haƙƙi tana ɗaure wanda ya rubuta ta kamar yadda take ɗaure wanda aka aika wa.

Abin da dole takardar ta faɗa

Farko, su wane ne. Cikakken sunan Hajiya da adireshinta, da cikakken sunan wanda take bi, ba "Masta" ba. Sunan da ya fito a saƙon momo lokacin da ta tura kuɗi wuri ne mai kyau na farawa, amma a tabbatar nasa ne, domin masu sana'a da yawa suna karɓar kuɗi a layin mata ko na yaron shago. Idan haka ne, takardar ta faɗi cewa an tura kuɗin lamba kaza bisa umarninsa. A kuma duba allon shagon. Idan sunan kasuwanci ne kawai na mutum ɗaya, irin wanda ake ce wa entafirais, mai shi ake bi da kansa, a rubuta sunansa sannan a ƙara da sunan da yake kasuwanci da shi. Idan kamfani ne limitid, kamfanin ake bi, ba manaja ba, ba mai kamfanin a ƙashin kansa ba, kuma ana iya tabbatar da sunansa daidai a ofishin rajistar kamfanoni. Takardar da ta tafi wa sunan da ba shi ba, sammacin da zai biyo ta ma haka zai ɓata.

Sai abin da aka yi yarjejeniya a kai, da rana, da farashi, da wa'adi. Ko da baki aka yi, a faɗi haka: da baki, a wuri kaza, gaban wane. Sai abin da kowa ya cika, har da abin da shi ya yi daidai. Sai saɓawar kanta, a fili, da ambaton ƙorafin da aka riga aka yi da amsar da ya bayar. Sai adadin da ake nema da yadda aka same shi, yadda baƙo zai iya sake lissafin da biro ya samu abu ɗaya. Sai wa'adi, sai hanyar biya, sai abin da zai biyo baya idan ba a biya ba, sai sa hannu da rana.

Ga yadda ta Hajiya za ta kasance, bayan suna da adireshi da ranar 5 ga Mayu 2025 a sama:

"Ranar 3 ga Fabrairu 2025 muka yi yarjejeniya da baki cewa za ka ƙera get ɗaya a kan sidi 7,000, da ƙarafan tagogi shida da ƙofofin ƙarfe biyu a kan sidi 11,000, ka kafa su a gidana da ke Aboabo kafin 3 ga Maris 2025. Na biya ka sidi 8,000 ta momo a wannan ranar, da sidi 4,000 a hannu ranar 17 ga Fabrairu. Ka kafa get ranar 20 ga Maris. Ranar 7 ga Afrilu na rubuta maka na ba ka zuwa 28 ga Afrilu ka gama sauran, ka amsa cewa sidi 12,000 nawa suna hannunka kuma za ka gama. Ba ka kawo komai ba. Saboda haka na kawo ƙarshen yarjejeniyar game da ragowar aikin. Ina neman sidi 5,000 da suka rage a hannunka, da sidi 2,500 bambancin abin da zan biya wani ya yi aikin a kan sidi 13,500, jimilla sidi 7,500. Ka biya ta lambar momo da ke ƙasa ko a hannu da rasit, zuwa ƙarfe biyar na yammacin Litinin 19 ga Mayu 2025. Idan ba ka biya ba, zan shigar da ƙara a kotun gunduma ba tare da wata sanarwa ba, in nemi wannan kuɗin da kuɗin shari'a. Na haɗa da hoton saƙon momo, da hirarmu ta 7 ga Afrilu, da takardun farashi biyu."

Shafi ɗaya ne. Babu "kai maci amana", babu tarihin yadda ta taimaki mahaifiyarsa lokacin biki. Duk abin da ba za ta so a karanta da ƙarfi a cikin kotu ba, ba ya cikin takardar.

Wa'adin yana son a ɗan tsaya a kansa. "Nan ba da jimawa ba" ko "cikin gaggawa" maganar ƙorafi ce, a takardar neman haƙƙi ba ta da amfani. Ko "cikin kwana 14" yana jawo gardamar daga yaushe aka fara ƙirga, ranar da aka rubuta ko ranar da ya karɓa. Rana da sunanta ta fi. Lauyoyi sun saba ba da kwana 7 ko 14, wani lokaci 21, kuma a bashi tsakanin mutum da mutum wannan al'ada ce, ba adadin da doka ta yanka ba. Abin da ake so ya zama lokacin da mai niyyar biya zai iya biya a cikinsa. Kwana biyu a kan 7,500 ga mai walda, alƙali zai ga ba biyan ake nema ba, rigima ake nema.

Ga kuma maganar kuɗin ruwa, wadda a zango ba a tsallake ta. Ƙa'idar kotu ta 2005 mai lamba C.I. 52 ta ce idan kotu ta ba da ruwa a kan kuɗin da aka riƙe, ana lissafa shi da farashin ruwan banki na lokacin, kuma ba ruwa a kan ruwa ba, sai idan yarjejeniya ko wata doka ta faɗi wani abu daban. Takardar lauya kusan kullum tana ambatonsa. Musulmi da yawa ba sa son taɓa shi, kuma babu wanda zai tilasta maka nema, sai ka gaya wa lauyanka tun farko ya cire. Amma kada a haɗa shi da 2,500 ɗin Hajiya. Wannan ba ƙari ba ne a kan bashi saboda jinkiri, kuɗi ne da za su fita daga jakarta zuwa hannun mai walda na biyu.

Abin da ba a sawa

Barazanar 'yan sanda ita ce ta fi yawa. Saɓa yarjejeniya maganar kotun farar hula ce, kuma caji ofis ba wurin karɓar bashi ba ne. Zamba cikin aminci laifi ne a dokar manyan laifuka ta 1960, amma sai an nuna mutum ya karɓi kuɗin da ƙarya tun farko, kamar wanda ya sayar da filin da ba nasa ba. Mutumin da ya ƙera get ya kafa, da wuya a ce ba shi da niyyar aiki. Rubuta masa "ka biya ko in sa a kulle ka" ba ya ƙara wa takardar ƙarfi, kuma wannan dokar dai ita ce ta haramta tatsar kuɗi ta hanyar barazana. Haka ma cewa za a watsa hotonsa a dandalin unguwa a kira shi ɓarawo: mai bin 7,500 yana iya komawa wanda ake ƙara a kan ɓata suna. Barazana ɗaya ce ke da wurin zama a takardar, ita ce kotu, kuma sai wanda ya shirya zuwa ya rubuta ta. Wanda ya aika "gargaɗin ƙarshe" sau uku ya koya wa mai riƙe da kuɗinsa cewa babu na ƙarshe.

Akwai kuma kalmomin nan biyu da wasu masu buga takarda ke liƙawa a saman kowace wasiƙa don ta yi kama da ta lauya, `Without Prejudice`. Wurinsu takardar neman sulhu ne, inda kake cewa "ba ni 6,000 mu rufe magana" kuma ba ka son a yi amfani da rangwamen a kanka idan sulhun ya watse. Takardar neman haƙƙi kuwa so kake alƙali ya gan ta. Idan Hajiya tana da rangwamen da za ta yi, ta yi shi a takarda daban.

Yadda za ta isa hannunsa

Takardar da ba a iya nuna an karɓa ba, kamar ba a rubuta ta ba ne. A buga kwafi biyu, wani baligi da ba shi da hannu a rigimar ya kai shagon, Masta ya sa hannu da rana a kan ɗaya a dawo da ita. Idan ya ƙi, ɗan aiken ya rubuta rana da lokaci da wanda ya tarar, ya ajiye takardar a gabansa. Ana iya aikawa ta EMS na gidan waya a riƙe rasit, kuma adireshin GhanaPostGPS yana taimakawa a lungunan da gidaje ba su da lamba. A ƙara da hoton takardar ta WhatsApp a wannan ranar.

Da Turanci za a rubuta ta, tunda shi ne harshen kotu a Gana. Idan Hajiya ba ta karanta shi, tsohuwar dokar kare waɗanda ba su iya karatu ba, ta 1912, tana nan da ranta: wanda ya rubuta mata dole ya karanta mata ya fassara har ta gane, ya sa sunansa da adireshinsa a jikin takardar, sannan ta dangwala. Wannan ya fi muhimmanci ma a ɓangaren Masta. Idan ya zo ya amince da bashin aka rubuta takarda ya dangwala ba tare da wannan bayanin ba, gobe zai ce bai san abin da ke ciki ba, kuma nauyin nuna cewa ya gane zai faɗo kan Hajiya.

Shin sai lauya? A'a. Kowa yana iya rubuta tasa, kuma a kotun gunduma mutum yana iya tsayawa da kansa. Tun 2020 kotun gunduma tana sauraren ƙarar kuɗi har sidi 500,000, don haka yawancin rigingimun kasuwa can suke zuwa. A kan 7,500, sai Hajiya ta tambayi kuɗin takardar tukuna ta auna. Kan takardar lauya yana motsa wasu, wasu kuma yana sa su taurare su je su ɗauko nasu lauyan. Inda kuɗin ke da yawa, ko maganar fili ce, ko akwai rubutacciyar yarjejeniya mai sharuɗɗan yadda ake ba da sanarwa, a nan ban ga dalilin yin rowa ba. Wanda ba shi da hali yana iya zuwa ofishin hukumar taimakon shari'a.

Inda takardar ta zama dole, da abin da ba ta iyawa

A rigima irin ta Hajiya, babu dokar da ta hana ta zuwa kotu kai tsaye, takardar dabara ce da nuna adalci. Amma akwai wuraren da rashin ta ke rusa ƙara. Wanda zai kai gwamnatin Gana ƙara, dokar 1998 ta ce ya ba Antoni Janar sanarwa a rubuce kwana 30 kafin ya shigar. Majalisar gunduma ko ta birni, dokar ƙananan hukumomi ta 2016 ta ce wata ɗaya. Haka idan kayanka ne ka ba wani ajiya ko gyara, kamar injin da aka kai wa makanikan Suwame, sai ka nema an hana ka sannan ƙarar riƙe kaya take tsayawa da ƙafarta. A nan ƙorafin "yaushe za a gama" ba ya wadatarwa, sai an ce a fili: ba ni kayana ranar kaza.

Abin da takardar ba ta yi shi ne tsayar da lokaci. Dokar ƙayyade lokacin ƙara ta 1972, mai lamba NRCD 54, ta ba da shekara shida ga ƙarar yarjejeniya ta yau da kullum, daga ranar da aka saɓa. Ko ka aika takarda goma, ƙirgen yana tafiya, shigar da ƙara ne kawai ke tare shi. Abin da ke sabunta shi a kan bashi daga wajen mai riƙe da kuɗin yake fitowa: ya amince a rubuce da sa hannunsa, ko ya biya wani abu daga ciki. Shekara shida kamar da nisa, amma a zango akwai basussukan da kunya ta riƙe fiye da haka, har mai bi ya rasu magada su tarar da ihu bayan hari.

Tsakanin ƙorafi da kotu akwai zaman dattawa, kuma takardar ba ta hana shi, ƙarfafa shi take yi. Idan aka je gaban liman ko fadar Sarkin Zango da shafi ɗaya mai rana da lissafi, zaman ba ya komawa "ya ce, ta ce". Sai dai a san irin zaman da aka shiga. Dokar sasanta rigingimu ta 2010 ta amince da hukuncin gargajiya: idan ɓangarorin biyu suka yarda da son ransu a yanke musu, suka biya ɗan abin zaman, to abin da aka yanke ya hau kansu, ba a zuwa kotu a sake sabon lale don kawai bai yi daɗi ba. Hajiya ta tambaya tun kafin a zauna, sulhu za a gwada ko hukunci za a yanke.

Zuwa 19 ga Mayu amsa ɗaya daga cikin uku za ta samu. Ya musanta, wanda shi ma riba ne, domin ta ji kariyarsa tun kafin kotu, ta san shaidar da za ta nema. Ko ya yi shiru. Ko, wanda ya fi faruwa, ya zo da wani babba ya ce, "Hajiya, ba ni da shi gaba ɗaya, ki karɓi 2,500 yanzu, sauran wata biyu." Idan ta yarda, a rubuta jimillar bashin, da ranar kowane biya, da cewa idan ya tsallake ɗaya sauran duka sun wajaba nan take, ya sa hannu gaban shaidu biyu. Idan shiru ne, ranar Talata 20 ga Mayu ta ɗauki kwafin da ɗan aike ya dawo da shi da sauran takardunta ta tafi rajistar kotun gunduma, ta biya kuɗin shigarwa a fitar da sammaci. Kafin ta biya, ta bi ta gaban shagon ta duba ko injin walda da janareta suna nan kuma nasa ne, domin idan ta ci shari'a ya ƙi biya, irin waɗannan kayan ne za a duba ko akwai abin da kotu za ta iya kamawa.